Jadawalin makin intabiyu: yadda ake raba gardamar 'yan kwamiti

Ƙarfe huɗu na yamma, an gama ganin mutum goma sha biyu masu neman gurbin malamin lissafi a wata makaranta. 'Yan kwamiti uku sun gaji. Shugaban makaranta ya ce shi dai saurayin nan mai zaƙin baki ya kwanta masa a rai, sauran biyun suka gyaɗa kai, don ba a musu da oga. Haka ake ɗaukar ma'aikata a wurare da yawa, kuma irin wannan ne jadawalin maki yake hanawa.

Dabarar ta daɗe. A 1955, Daniel Kahneman, wanda daga baya ya samu kyautar Nobel a 2002, ya sauya yadda ake tantance sababbin sojoji a Isra'ila. Ya ware halaye shida, ya ce a riƙa ba kowanne maki daga 1 zuwa 5, ɗaya bayan ɗaya, kafin a yanke hukunci a kan mutum gaba ɗaya. Masu yin intabiyun sun yi ƙorafi, amma sakamakon ya fi na tsohuwar hanya.

A koma ga makarantar nan. Tun kafin a buɗe takardun kowa, kwamiti zai zauna ya amince da abin da aikin yake buƙata, ya raba maki 100 a tsakaninsu. Misali, sanin darasi ya ɗauki 40, gwajin koyarwa na minti goma 30, iya riƙe aji 20, iya magana da iyaye 10. Sannan a rubuta ma'anar kowane maki. A gwajin koyarwa, 1 na nufin ya cika allo da rubutu bai waiwayi kowa ba, 3 ya yi bayani daidai, 5 kuma ya yi tambaya, ya gano inda aka ruɗe, ya sake hanya. Idan ba a yi wannan ba, 4 ɗin wani 2 ne a wurin wani.

Yanzu a ce saurayin ya samu 3, 3, 4 da 5. Wata malama mai ƙarancin magana ta samu 5, 4, 3 da 2. Idan aka tara haka nan, shi yana da 15, ita 14. Amma da an ninka kowane maki da nauyinsa sai labari ya canza: nasa 120 da 90 da 80 da 50, jimla 340 cikin 500, wato kashi 68. Nata 200 da 120 da 60 da 20, jimla 400, kashi 80. Zaƙin bakin bai ɓace ba, an dai ajiye shi a matsayinsa. Shi ya sa ba a taɓa nauyin bayan an ga mutane, domin wanda ya mayar da 10 ta zama 30 a lokacin, ɗan takararsa yake gyara wa hanya.

Inda aka fi yin tuntuɓe shi ne hannun masu ba da makin. Wani akwai rowa, wani kuwa hannunsa a sake yake. Idan duk ukun sun ga kowa da kowa, matsalar da sauƙi, tunda rowar ta shafi kowa. Ɓarnar tana zuwa ne idan aka raba kwamiti gida biyu, ko wani ya fita da azahar bai dawo ba. Ana gane hannun mutum ta matsakaicin makinsa. A ce na shugaba 4.2 ne, na babban malamin lissafi 2.8. Wanda ya samu 4 a hannun shugaba yana ƙasa da abin da shugaban ya saba bayarwa, wanda kuma ya samu 3.5 a hannun malamin ya yi fice. Sai a duba tazarar kowane maki daga matsakaicin mai bayarwa, muddin dai sun ga mutane da ɗan yawa kuma ba a ware wa ɗaya gwanaye ba.

Kowa kuma ya rubuta makinsa da dalilinsa shi kaɗai, kafin wani ya buɗe baki, oga ya yi magana a ƙarshe. Inda biyu suka saɓa da maki 2 ko fiye, kowa ya karanto abin da ya ji ɗan takara ya faɗa. "Bai yi mini ba" ba hujja ba ce. Wanda ɗan uwansa ko surukinsa yake cikin masu nema, ya faɗa tun farko, ya janye.

Jadawalin yana da iyaka. Kashi 78 da kashi 80 kusan ɗaya ne, don haka irin waɗannan biyun gara a sake kiransu su koyar a aji na gaske. Kuma yana da kyau a sa ƙa'ida tun farko cewa duk wanda ya gaza samun 3 a sanin darasi ya fita, komai yawan jimlarsa.