Me Ya Sa Miya Ke Kamawa a Gindin Tukunya?

Miyar da ke ƙonewa sau da yawa ba ta rasa ruwa ba. Mai girki za ta buɗe murfi ta ga tukunya cike, sama na ɓararraka lafiya lau, amma hanci ya riga ya sanar da ita cewa ƙasa ta kama. Dalilin yana can a ɗan siririn wurin da miya ke haɗuwa da gindin tukunya, wurin da kaurinsa bai kai na farce ba.

Ruwa yana tafasa ne a kusan digiri 100 na ma'aunin zafi, kuma muddin akwai shi a wuri, zafin wurin ba ya wuce haka sosai, domin duk wani ƙarin zafi tururi ne ke tafiya da shi. Abinci kuwa ba ya ƙonewa a digiri 100. Sai ya kai wajen digiri 140 zuwa 160 yake fara yin ja da ƙamshi, idan ya doshi 200 ya yi baƙi ya yi ɗaci. Ke nan kafin miya ta ƙone, dole sai wani ɓangare nata ya bushe tukuna, ko da sauran tukunyar na iyo cikin ruwa.

A romo ko farfesu mai tsarwa-tsarwa hakan ba ya faruwa da sauƙi. Ruwan da ya yi zafi a ƙasa yana tasowa sama, na sama ya sauka ya maye gurbinsa, tukunyar tana juya kanta da kanta. Da zarar miya ta yi kauri, wannan zagayen sai ya ragu ƙwarai. Abin da ke ƙasa ya zauna daram, ɗan ruwan da ke jikinsa ya tsere a matsayin tururi, wani ruwan bai samu hanyar saukowa ba. Sai ya manne. Mannewar kuma ita ke jawo sauran ɓarnar, domin ɓawon da ya kafu yana tare zafi, ba ya barinsa ya shiga cikin miyar. Ƙarfen da ke ƙarƙashinsa sai ya ƙara zafi, ɓawon ya ƙara kauri. Shi ya sa tazarar da ke tsakanin "ta fara kamawa" da "ta yi ƙauri" 'yan mintuna ce kawai.

A ɗauki miyar taushe, wadda a ganina ta fi kowace miya saurin tona asirin mai girki. Lokacin da nama, tattasai, albasa da kabewa ke dahuwa cikin ruwa, babu fargaba, ana iya sakar mata wuta a rufe. Haɗarin yana farawa ne idan kabewa ta narke, sannan ya ninka idan aka zuba niƙaƙƙiyar gyaɗa. Kabewa tana da zaƙi da ɗanko, gyaɗa kuma tana da nauyi, ƙananan ƙwayoyinta na nitsewa su kwanta a ƙasa. Zaƙi da sinadarin gina jiki idan suka haɗu a busasshen zafi, nan da nan suke yin baƙi. Idan an jefa kanwa don nama ko ganye su yi laushi, ita ma tana ƙara saurin wannan jan.

To, yadda za a bi da ita: a dama gyaɗar a kwano da ludayi biyu ko uku na ruwan miyar har ta saki, kada a jefa ta curi guda. A rage wuta kafin a zuba, ba bayan an zuba ba. A gas ko risho ragewar ba ta da wuya. A murhu sai a zare itace a bar garwashi, a kan gawayi kuma a yayyafa toka ko a toshe ƙofar iskar kurfoti, tunda garwashi ba ya huce da wuri. Abin da ake so shi ne miyar ta riƙa ɓul-ɓul a hankali. Daga nan sai juyawa duk bayan minti biyu ko uku.

Juyawar ma akwai yadda ake yinta. Mutane da yawa saman miya kawai suke motsawa. Ludayi mai zagayayyen baki ɗan wuri kaɗan yake taɓawa a ƙasa, don haka cokalin katako ko muciya mai faɗin baki ta fi. A kai ta har ƙasa, a bi tsakiya, a bi lungun da gindi ya haɗu da bango. Hannu ne zai ba da labari: idan katakon na zamewa sumul, lafiya lau. Idan ya fara jin gurzo ko turjiya, ƙasa ta fara kamawa, sai a sauke tukunyar nan take.

Ita ma tukunya tana da nata alhakin. Mai siririn gindi, kamar samira ko silba mara kauri, tana miƙa zafi daidai inda harshen wuta ya taɓa, shi ya sa ake ganin baƙin zobe a gindinta mai siffar kan gas ɗin. Tukunyar dalma mai kauri, irin wadda maƙera ke zubawa, tana baza zafin ko'ina. Wadda ba ta da irinta za ta iya ɗora faifan ƙarfe mai kauri tsakanin wuta da tukunya. Sai dai a tuna, tukunya mai kauri da ta ƙasa suna riƙe zafi bayan an kashe wuta, miya na iya kamawa a cikinsu bayan an sauke.

Miyar dage-dage tata matsalar daban ce, domin a cikin mai ake soya ta, mai kuma yana wuce digiri 100 nesa ba kusa ba. Muddin ruwan tumatir bai ƙare ba, shi ke kare ta. Idan tururi ya ragu, mai ya taso sama, ƙarar ta sauya daga ɓararraka zuwa ƙarar suya, kariyar ta ƙare, ba a barin bakin murhu. Tumatirin gwangwani ya fi saurin kamawa, tunda an riga an tsotse masa ruwa. Ɗumame ma yana cin miya da yawa: miyar gyaɗa ko agushi da ta kwana ta daskare, ba ta motsi ko kaɗan, don haka a zuba mata ɗan ruwa a dama kafin ta hau wuta.

Idan kuwa ƙauri ya riga ya tashi, babban kuskure shi ne juyawa. Hannu kan yi saurin kai cokali ƙasa don a ji abin da ya faru, kuma wannan kankarar ce ke yaɗa ɗaci cikin tukunyar duka. A sauke, a buɗe murfi don hayaƙin ya fita, a tsoma gindin tukunyar cikin baho mai ruwan sanyi don ƙunar ta tsaya. Sannan a kwashe saman da ludayi a hankali zuwa wata tukunya mai tsabta, a bar duk abin da bai taho da kansa ba, ko da ya yi kama da mai kyau. A duba naman ɗaya bayan ɗaya, a yanke gefen da ya yi baƙi.

Sai a ɗanɗana. Idan ƙaurin kaɗan ne, a soya sabuwar albasa da tattasai, a ƙara ruwan nama ko ruwan zafi, a haɗa a barta ta tafasa a buɗe a kan ƙaramar wuta. Ɗan tsami, kamar na yakuwa a taushe, da ɗan daddawa suna taimakawa wajen danne shi. Ana yawan cewa a jefa ɗanyen dankali ko gutsuren gawayi su tsotse ƙauri. Ba na ba da shawarar a dogara da su, domin abin da ya narke ya bi ruwan miya ba ya komawa wuri ɗaya. Abin da ke aiki da gaske shi ne raba miyar da ƙonannen gindi da wuri, da kuma ƙara mata sabbin kaya har ƙaurin ya yi rauni. Idan ɗaci ya kai har maƙogwaro bayan an haɗiye, miyar ta tafi. A ceci naman, a ɗauraye shi da ruwan zafi, a ɗora sabuwa a kansa.