Biki Na Kwana Uku A Cikin Minti Uku

A ce an yi biki a Kano: kamu ranar Alhamis, ɗaurin aure ranar Juma'a, dina daren Asabar. Kyamara biyu suka yi aiki, suka tara hoton awa tara. Amarya kuma bidiyon minti uku take so, wanda za ta tura wa ƙawaye a waya. Awa tara minti 540 ne, ke nan a duk minti 180 da aka ɗauka, minti ɗaya kacal zai tsira. Idan kowane guntu zai ɗauki daƙiƙa uku a allo, gurbi sittin mai tace bidiyon yake da shi, ba ƙari.

Ko manyan fina-finai haka suke. Walter Murch, ɗaya daga cikin waɗanda suka tace fim ɗin Apocalypse Now na 1979, ya ce hoton da aka ɗauka ya kai kusan awa 230, fim ɗin da ya fito kuwa bai cika awa uku ba. Sai dai su sun fi shekara suna aikin, mai tace bidiyon biki kuwa kafin sati ya zagayo an fara kiransa a waya.

Kallon farko ba na zaɓe ba ne, na zubarwa ne. A manhajoji irin su Premiere Pro da DaVinci Resolve, maɓallin L yana tura hoto gaba, idan aka sake danna shi gudun ya ninka. K ya tsayar, J ya koma baya. Da I ake sa alamar farkon guntu, da O ake sa ta ƙarshensa. Da gudu ninki biyu ake wuce wurin da mai ɗauka yake tafiya kyamara na kallon ƙasa, da wurin da ƙeyar wani ta tare amarya, da dogon zaman jiran ango. A wannan mataki a kan bar wa kowane guntu rarar daƙiƙa ɗaya ko biyu gaba da baya, don a sami wurin yanka daga baya. Awa tara ta kan koma kamar minti arba'in.

Akwai aibin da ƙaramin allo yake ɓoyewa. Guntu zai yi kyau a ɗan tagar manhaja, amma da an buɗe shi ya cika allo sai a ga idon amarya ya yi dishi-dishi, furen da ke bayanta ne ya fito tar. Kyamara ta kama abin da ba shi ake nufi ba, kuma gyara ba ya dawo da shi. Sauti ma haka: idan mai ɗauka ya tsaya kusa da lasifika, ma'aunin sauti zai manne a ja, murya ta dinga tsagewa. Rage ƙara ba ya warkar da ita, tsagaggiyar murya ce dai a hankali. Irin wannan guntu ana iya amfani da hotonsa a ɗora masa kiɗa, amma maganar cikinsa ta tafi.

Kallo na biyu shi ne ainihin aikin, kuma a nan ake gane gwani. Sabon shiga yakan zaɓi abin da ya fi kyau a ido: adon zaure, jerin motoci, hoton sama da ƙaramin jirgi ya ɗauka. Waɗannan guda uku ko huɗu sun isa, don ba abin da ke faruwa a cikinsu. Murch, a littafinsa In the Blink of an Eye, ya jera abubuwa shida da yake dubawa kafin ya yanka, ya ba motsin zuciya kashi 51 cikin ɗari, ci gaban labari kashi 23, sauran huɗun suka raba abin da ya rage. A bidiyon biki, ma'anar wannan ita ce a nemi daƙiƙar da wani abu ya sauya a fuskar mutum.

Ɗauki nasihar da uwa ta yi wa amarya kafin a kai ta ɗakinta. Kyamara ta ɗauki minti shida ba yankewa. Minti biyun farko uwar tana magana, amarya kanta a sunkuye cikin mayafi. Duk wanda ya taɓa zuwa biki ya san wannan, ba sai an nuna masa ba. Can wajen minti na huɗu muryar uwar ta karye, ta yi shiru, ta kai hannu ta gyara wa 'yar mayafi, ita kuma ta riƙe hannun. Daga nan ɗaki ya kaure da kuka har ƙarshe. Mai gaggawa kukan zai ɗauka, don shi ya fi ƙara. Amma daƙiƙa biyar ɗin da ake so suna gabansa: a fara daidai inda murya ta tsaya, a yanke da zarar hannu ya kama hannu. Kyamarar ta ɗan girgiza a wurin, hasken ɗakin ma ba shi da yawa. A ganina duk da haka a bar shi, ko da za a fitar da kyakkyawan hoton kek don a sama masa gurbi.

Sau da yawa abin da ake nema yana wajen mai sauraro. Lokacin da sanƙira ya shelanta an ɗaura, kyamara ɗaya tana kansa, ɗaya tana kan ango da abokansa suka yi masa caa. A ɗauki muryar daga ta farko, hoton daga ta biyu. Idan kuma guntaye biyar suna nuna abu guda, kamar shigowar ango da amarya zauren dina, a jera su a kalla a ɗauki ɗaya. Wanda ake so a rage wa gudu, a duba yadda aka ɗauke shi: mai hoto 50 a daƙiƙa yana jure a raba gudunsa biyu, mai 25 kuwa tsalle-tsalle zai dinga yi.

Bayan an sauko zuwa minti bakwai ko takwas, sai wata matsala ta taso wadda manhaja ba ta san da ita ba. Akwai mutanen da dole su fito: iyaye, waliyyi, kaka, gwaggon da ta riƙe amarya tun tana ƙarama. Mai tacewa bai san su ba, don haka gara tun farko ya nemi wani ɗan gida ya nuna masa fuskokinsu. Ya kuma ƙirga: idan dangin amarya sun fito sau ashirin, na ango sau uku, bidiyon zai jawo magana. Gurbi goma zuwa sha biyar cikin sittin ɗin nan sukan tafi a wannan hakki, ko da guntayen ba su fi kyau ba.

Akwai kuma waɗanda bai kamata su fito ba, komai kyan hoton. Matar da ɗankwalinta ya zame tana rawa a taron mata zalla, dattijon da aka kama da loma a baki, baƙon da ke gyangyaɗi. Bidiyon da ya shiga waya ba a iya janyo shi. Liƙi ma yanzu sai an yi tunani: sashe na 21 na dokar Babban Bankin Najeriya ta 2007 ya hana watsa naira da taka ta a wurin shagali, kuma a 2024 hukumar EFCC ta gurfanar da mutane a kotu kan bidiyon da aka gani a intanet. Kafin a sa irin wannan guntu, a tambayi masu biki.

Saukowa daga minti takwas zuwa uku ta fi komai ciwo, don duk abin da ya rage mai kyau ne. Dabarar da ke taimakawa ita ce a cire guntun da ake shakka a kansa, a kalli wurin ba shi. Idan ba a ji giɓi ba, ya tafi ke nan. Kallon ƙarshe kuma a yi shi a waya, sau ɗaya ba sauti, don nan mafi yawan mutane za su gan shi. Fuskar da ta fito sarai a babban allo tana iya zama ɗigo a waya, sai a musanya guntun da wanda aka ɗauka daga kusa.