Kafin ka naɗi muryar wani a ɓoye

Wata ƙawata da muke aji ɗaya ta taɓa naɗar hirarta da mai gidan hayarsu a waya ba tare da saninsa ba, domin ya saba yin alkawarin gyara ya dawo ya musanta. Da ta nuna mini, tambayar da ta fara zo mini ita ce: doka ta ba ta wannan damar?

Amsar ta dogara ne da inda mutum yake. A shekarar 1997, wata ma'aikaciyar gwamnatin Amurka, Linda Tripp, ta riƙa naɗar hirar wayarta da Monica Lewinsky a ɓoye, kuma kaset ɗin ya shiga cikin abin da ya jefa Shugaba Bill Clinton cikin tsaka mai wuya. Dokar tarayyar Amurka ta yarda ka naɗi hirar da kake ciki. Amma Tripp a jihar Maryland take zaune, inda sai kowa ya amince. A 1999 aka tuhume ta, kodayake an janye tuhumar a 2000. A jihar Virginia mai maƙwabtaka, yardarta ita kaɗai ta isa.

Me ya kawo bambancin? Masu sassauci suna ganin duk wanda ya faɗa maka magana ya san kana iya kai ta gaba, don haka na'ura ta tabbatar da abin da kunnenka ya ji ne kawai. Masu tsauri kuma suna cewa mutum yana sakin baki ne saboda ya ɗauka maganar za ta bi iska. Jamus tana wannan ɓangaren: naɗar maganar sirri ba izini na iya kai mutum ɗaurin shekara 3.

A Najeriya, sashe na 37 na kundin tsarin mulki ya kare sirrin hirar waya. Amma Dokar Shaida ta 2011 ta bar wa alƙali ya auna ko zai karɓi shaidar da aka samo ta hanyar da ba ta dace ba. Wato kotu tana iya sauraron abin da ka naɗa, kai kuma wanda ka naɗa yana iya ƙararka.

Idan ana yi maka barazana ko ana neman cin hanci a hannunka, naɗar na iya zama makaminka. Sai dai ka adana asalinsa a wayar da ta ɗauka, kada ka yanke ko'ina, ka kai wa lauya ko hukuma. Yankakken sauti yana da sauƙin ƙaryatawa, watsa shi a WhatsApp kuwa na iya mayar da mai gaskiya mai laifi.

Ƙawata dai ta samu gyaran, amma ƙarshen shekara aka ƙi sabunta musu haya. Da saƙon tes ta nema a wurinsa, da ta samu shaida ba tare da ɓacin rai ba.