Kuncin Inna da Ruwa Ya Cinye

Yau da hoto na shigo ɗakin watsa shiri, ga shi nan a hannuna cikin ambulan. Tunda rediyo ba ta da ido, bari in zama idonku.

Hoton mai launi ne, an ɗauke shi a 1978, ranar sunan yayana. Mata biyar ne zaune a kan tabarma, kakata Inna tana tsakiya da jariri a cinya. Girmansa inci uku da rabi a faɗi, inci biyar a tsawo. Cuta uku ke damunsa. Ya rine gaba ɗaya ya koma ja kamar an tsoma shi a ruwan goro. Akwai layin karaya da ya ratsa shi, inda wani ya taɓa ninke shi ya sa a aljihu. Sannan wata damina rufin ɗaki ya yi yoyo a kan akwatin Umma, ruwa ya ci gefen hagu na fuskar Inna, wurin ya zama farar takarda fes.

Na kai shi shagon wani matashi mai gyaran hoto a kwamfuta, na ja kujera na zauna kusa da shi. Bai taɓa hoton da ruwa ko tsumma ba. Buroshi mai laushi ya sa ya kaɗe ƙura, ya kifa shi a kan gilashin sikana, ya zaɓi 600 dpi, wato ɗigo 600 a kowane inci. Hotonmu ya fito da ɗigo 2100 a faɗi, 3000 a tsawo. Na ce masa me zai hana ya ƙure na'urar, ko ma samu ƙarin bayani? Ya ce, "Malam, takardar hoto irin wannan abin da ta riƙe bai cika wuce 300 ba. In na ƙure, gashin takarda kawai za mu gani da kyau." Ya adana shi a TIFF, domin JPEG yana zubar da wani abu duk lokacin da aka gyara aka sake adanawa. Ya ajiye wannan kwafin gefe guda, ya yi aikinsa a kan wani.

Jan launin nan da ya fi tayar mini da hankali, ashe shi ne mafi sauƙi. Hoto mai launi na wancan zamani rini uku ne shimfiɗe bisa juna: rawaya, da ja mai ratsin shunayya, da shuɗi mai ratsin kore. Ba tare suke tsufa ba. A hotuna da yawa na shekarun 1970 shuɗin ne ke fara koɗewa, musamman inda ake zafi da laima, sai ja ya mamaye fili. Amma koɗewa daban, mutuwa daban. Shuɗin yana nan, muryarsa ce ta yi ƙasa. Saurayin ya buɗe Levels, wanda ke cikin Photoshop da kuma GIMP da ake samu kyauta, ya bi launukan ɗaya bayan ɗaya yana ɗaga wanda ya raunana. Ya tambaye ni ko akwai abin da na tabbata fari ne a hoton. Na nuna masa zanen goyon jariri. Da ya daidaita komai a kan wannan farin, sai ga koren ganyen darbejiya a bayan matan, sai ga kwanon sha shuɗi da ban taɓa lura da shi ba.

Karayar ta ɗauki kusan rabin awa. A nan Clone Stamp da Healing Brush suka yi aiki, kuma aikinsu aro ne: su ɗebo daga maƙwabcin wuri mai lafiya su liƙa a kan tabo. Inda layin ya bi ta bango da tabarma, ɗinkin ya ɓace sarai, don bango ɗaya ne ko'ina, saƙar tabarma kuma maimaita kanta take yi. Ko an yi kuskuren ɗigo goma a bangon ƙasa, wa zai kai ƙara?

Sai muka iso fuskar Inna, a nan hira ta tsaya. Hoto ba a cikin takarda yake ba, yana cikin wata siririyar fata ce da aka shafa a samanta. Ruwa ya jiƙa fatar, ta manne da hoton da ke kanta, da aka ɓamɓare sai ta tafi. Babu abin da ya rage a ƙasa da za a ɗaga muryarsa. Kunci kuma ba bango ba ne da za a aro daga gefe.

Duk da haka ya ce bari ya nuna mini wani abu. Ya saka hoton a irin manhajojin nan na waya masu gyara fuska da taɓawa ɗaya. Kafin in gyara zama, ga Inna da kunci biyu sumul, ido tar, har da gashin gira. Gaskiya na ji daɗi. Na kai wa Umma da yamma, ta sa tabarau, ta daɗe tana dubawa, ta miƙo mini. Ta ce, "Wannan wace ce? Ina billenta?"

Inna tana da bille a kuncin hagu, daidai inda ruwa ya ci. Manhajar ba ta san Inna ba. An horar da ita da dubban fuskokin wasu mutane, in ta ga gurbi sai ta cike shi da abin da ya fi yawa a cikinsu. Ko a kunci mai lafiya, irin waɗannan manhajoji kan ɗauki tsagar gado a matsayin ƙarzuwar takarda su goge. Wannan ba a kanmu aka fara ba. A 2020 an saka dusasshen hoton Barack Obama a wata manhaja mai suna PULSE, ta fito da fuskar wani Bature.

Gane irin wannan aiki ba wuya. Fuska za ta fi tufafi da bango fitowa tar, alhali kyamara ɗaya ce ta ɗauke su a lokaci ɗaya. Fata za ta yi santsi kamar roba, haƙora su jeru fiye da kima, ɗan kunnen dama ya saɓa da na hagu. Haka abin yake ga hoton da tun asali ya ɗauku dishi-dishi, ko farar riga da hasken rana ya wanke har aikin wuyanta ya ɓace: abin da bai shiga kyamara ba, ba ya cikin takarda. Hoton baƙi da fari da aka sa wa launi shi ma canke ne, manhaja ba ta san ko rigar Baba shuɗiya ce ko ruwan ƙasa ba.

Na koma shagon. Muka bar launin da aka farfaɗo, muka bar ɗinkin karaya, gurbin kuncin kuma aka rage masa haske kawai don kada ya riƙa fizgar ido. Hanya ɗaya ta dawo da billen ita ce a samu dodon hoton, wato fim ɗin asali, ko wani kwafi da aka wanke tare da namu. Umma ta ce tana jin an ba Gwaggo ɗaya a lokacin, kuma na aika a duba.

Mai saurare, in kana da hoton da ya manne da gilashin firam, kada ka ɓamɓare shi, a ɗauke shi a sikana tare da gilashin. In hotuna sun manne da juna, kada ka ja da ƙarfi. Kuma tun dattawan gidanku suna gani da idonsu, kai musu hoton su faɗa maka wane ne wane, ka rubuta a bayansa da fensir. Sai mun haɗu a shiri na gaba, ku huta lafiya.