Wasiƙar Neman Aikin Tallan Intanet Ga Sabon Shiga

Kamfanonin da ke biyan kuɗi su yi talla a Facebook ko Google suna neman hujja daga mai neman aiki, ko da ƙaramin matsayi yake nema. Wanda bai taɓa aiki ba yana iya kafa hujjar da ɗan asusun da ya koyi sana'ar da shi.

Wasiƙar tana farawa da matsayin da ake nema, sannan ta faɗi gaskiya cewa asusun na gwaji ne. Daga nan sai lissafi. A ce matashi ya tallata turaren wutar yayarsa: naira 10,000 ta farko ta jawo saƙonni 20 a WhatsApp, wato naira 500 kowane saƙo. Da ya sauya hoton da gajeren bidiyo, wata 10,000 ta jawo 40, kuɗin ya sauko zuwa 250. Bayanin dalilin sauyin ya fi adadin daraja, domin shi ke nuna tunanin mai nema.

Kuskuren da aka fi yi shi ne kiran saƙo ciniki, alhali mai tambayar farashi bai saya ba tukuna. Ana haɗa wasiƙar da hoton sakamakon daga Ads Manager, domin mai ɗaukar aiki ya gani da idonsa.