Layi uku kafin ka danna maɓallin saye

Duk wanda ya taɓa sayen hannun jari ta wayarsa ya san wannan dare. Farashi ya faɗi, ka kwanta amma ido ya ƙi rufuwa, sai ka yi ta lalubo dalilan da za su sa ka ci gaba da riƙe abin da ka saya. Abin mamaki, dalilan da kake kawowa a daren ba su ne suka shigar da kai kasuwar ba. Na farkon sun ɓace, saboda ba ka rubuta su ko'ina ba.

Shi ya sa waɗanda suka daɗe a harkar suke rubuta wa kansu 'yar takarda kafin su saki ko sisi. Abu uku take ɗauke da su: hujjar shiga, abin da zai rushe hujjar, da zangon da za a sauka idan tafiya ta yi kyau. Amfaninta shi ne an rubuta ta lokacin da hankali yake kwance, kuɗi bai shiga ba balle ya juya wa mutum tunani.

Bari mu ɗauki misali mu bi shi daki-daki. A watan Yunin 2023 Babban Bankin Najeriya ya saki Naira kasuwa ta yanka mata farashi, darajarta ta zube, kamfanonin da ake bin su bashin dala irin su Nestlé da MTN na Najeriya suka rufe shekarar da asara. To a ce daga baya wani mai jarin Naira 500,000 ya lura da wani kamfanin abinci da irin wannan guguwa ta buge, ana sayar da hannun jarinsa Naira 50. Ga abin da zai rubuta, da kwanan wata a sama:

“Hujja: asarar bara ta canjin kuɗi ce, cinikin kamfanin bai ragu ba. Naira ta tsaya, don haka rahoton wata uku mai zuwa zai nuna riba. Rushewa: idan farashi ya rufe ƙasa da Naira 46, ko rahoton ya fito da asara, ko an yi wata uku farashin bai motsa ba, na fita. Zango: Naira 62, inda farashin ya tsaya ya juyo sau biyu a baya.”

Dubi hujjar da kyau. Magana ce da za a iya ƙaryata ta. “Kamfanin nan babba ne, ba ya faɗuwa” ba ta isa hujja ba, haka nan “wani ya ce min zai tashi”, domin babu ranar da za ta zo ta nuna maka ka yi kuskure. Idan ba za ka iya faɗin hujjarka a jimla biyu yadda ƙanenka zai gane ba, kai ma ba ka gane ta ba tukuna.

Layi na biyu shi ne mai wuyar rubutawa, kuma shi ne ya fi sauran aiki. Mutane da yawa suna ɗora iyakarsu a inda zafin asara zai ishe su, su ce idan na rasa dubu ashirin zan fita. Kasuwa ba ta san aljihunka ba. Ana ɗora iyaka ne a inda hujjar za ta mutu. A misalinmu, a ce wata da watanni duk sanda farashi ya sauko wajen Naira 47 sai masu saye su tare shi. Ranar da ya ratsa ƙasa da 46, masu tarewar sun janye ke nan, wataƙila sun san abin da kai ba ka sani ba. Idan kuma ka matso da iyakar kusa ainun, kamar 49, hawa da saukar yau da kullum za su kore ka alhali hujjarka tana nan da ranta.

Daga wannan layin ne ake sanin yawan abin da za a saya. Mutuminmu ya yanke cewa ba zai yarda ya rasa fiye da kashi 2 cikin ɗari na jarinsa a ciniki ɗaya ba, wato Naira 10,000. Tsakanin 50 da 46 akwai Naira 4. Raba 10,000 da 4, ka sami hannun jari 2,500, kuɗinsu Naira 125,000. Sauran 375,000 suna nan ba a taɓa su ba, ko da zuciya tana ta raya masa ya zuba duka.

Zangon kuwa lissafinsa gajere ne. Daga 50 zuwa 62 ribar Naira 12 ce a kowane hannu, 30,000 ke nan gaba ɗaya, ninki uku na abin da ya sa a kasada. Da irin wannan ma'auni, ko sau ɗaya ya dace cikin huɗu uwar kuɗinsa ba ta ragu ba, in ban da la'adar dillali da sauran kuɗaɗen da ake yanka a saye da sayarwa. Da zangon 53 ne, sai ya ga zai sa 4 a kasada don neman 3, ya yage takardar ya haƙura. Sau da yawa babban aikin takardar ke nan, ta hana ka shiga.

Me ya sa sai an rubuta, ba a bar shi a ka ba? A 1998 wani masani mai suna Terrance Odean ya binciki asusun masu zuba jari 10,000 a Amurka, ya tarar sun fi saurin sayar da abin da ya yi riba, su rungume wanda ke faɗuwa. Ni ma na taɓa yi. Na sayi wani hannun jari da niyyar mako biyu, da ya faɗi sai na fara kiran kaina mai zuba jari na dogon zango, har na ƙara saye wai don farashi ya yi araha. Wannan ita ce alamar da za ka gane kanka da ita: hujja ta sauya bayan kuɗi ya shiga, ko kuma hannunka ya kai ga iyakar yana ja da ita baya, daga 46 zuwa 44, daga 44 zuwa “bari mu ga Litinin”.

Sai dai takarda ba laya ba ce. A kasuwar hannun jari ta Najeriya an ƙayyade cewa farashi ba ya hawa ko sauka fiye da kashi 10 cikin ɗari a rana guda. Idan mummunan labari ya fito da dare bayan an rufe a 47, gobe yana iya buɗewa a 42.30 kai tsaye, masu sayarwa sun yi layi, mai saye babu. Ko ka sa umarnin da manhajoji ke kira Stop Loss a kan 46, ba lallai a sayar maka a nan ba. Idan a 42.30 aka samu mai saye, asarar ta zama Naira 19,250 maimakon 10,000. Da jarinsa duka ya zuba, da ta kai 77,000.

Bayan an fita, da riba ko da asara, a koma ƙasan takardar a ƙara layi ɗaya: na bi abin da na rubuta ko ban bi ba? Asarar da aka yi bisa tsari daban take da ribar da aka tsinta bayan an karya shi, ta biyun ta fi haɗari, don ita ce ke koya wa mutum mugun hali. Idan takardun suka kai ashirin, ka zauna ka ƙirga nawa ne hujjarsu ta rushe, nawa ne kuma kai ka rushe su da hannunka.

Da biro za ka rubuta, a littafi mai ɗinki, kada a waya inda gogewa ba ta barin tabo.