Layin da ya miƙe sambal a allon masana'anta

A matatar mai ko kamfanin siminti, dubban na'urori ne ke auna zafi da matsi da gudun ruwa a bututu dare da rana. Kowane awo yana da sunansa, injiniyoyi na ce masa tag, kuma akwai manhajar da aikinta kawai ta taskace shi domin ranar bincike. Fitacciya a cikinsu ita ce PI System ta kamfanin OSIsoft, wanda AVEVA ya saya a 2021.

Tag ɗaya da ake karantawa kowace daƙiƙa yana haifar da lamba 86,400 a rana. Shi ya sa ake rage yawan karatu, a kuma matse abin da aka karanta, to a nan ake yin ɓarna ba a sani ba.

A ce bawul ɗin wani bututu ya fara cijewa, matsi yana hawa yana sauka da bar 0.3 a kewayen bar 5, yana kammala zagaye duk daƙiƙa 20. Idan an saita karatu sau ɗaya a minti, kowane karatu zai faɗo a wuri guda na zagayen, tunda 60 ninki uku ne na 20. Allo zai nuna layi sambal, alhali bututu na ta rawa. Ƙa'idar Nyquist ta ce a karanta fiye da sau biyu a zagaye, amma masu aiki sun fi son kamar sau goma, wato duk daƙiƙa 2 a nan. Zafin babban tanki kuwa, da ke ɗaukar sa'o'i kafin ya motsa, minti ɗaya ya ishe shi.

Ko an karanta da kyau, matsewa na iya cinye labarin. Dabarar da Edgar Bristol na kamfanin Foxboro ya yi wa rajista a 1987 tana ja layi ne daga lambar da aka ajiye ta ƙarshe. Duk lambobin da ba su kauce wa layin fiye da wata iyaka ba, sai a zubar da su. A PI sunan iyakar CompDev. In an sa ta bar 0.5, rawar 0.3 ta tafi ke nan, ba ta dawowa.

Gane wannan ba wuya. A nemi ainihin lambobin da aka ajiye, ba waɗanda manhaja ta cike gurbi da su ba. Idan tazararsu sa'a 8 ce cif, to CompMax ne kawai ke tilasta ajiya, iyakar ta yi faɗi.

A ganina, a ɗaure CompDev kusa da ƙaramin canjin da na'urar awon ke iya ganewa, ExcDev da ke tace lambobi tun daga tushe ta zama rabinsa. Ma'ajiya ta yi araha yanzu. Gara a ajiye da yawa a kan tag ɗin da za a nema ranar da injin ya tsaya.